Yadda Ake Haɗa Atamfa Biyu Ko Uku A Ɗinki Ɗaya

Jiya a shagon telarmu a Tudun Wada nan Gombe aka yi ta musu kan haɗin atamfa, ga abin da na tsinta.

Kowa dai ya yarda dole a samu kala ɗaya da ta ratsa duka atamfofin. Wata Hajiya ta kawo mai manyan furanni, ƙasanta shuɗi mai duhu, furen ruwan goro, tana so a haɗa da wata ita ma mai manyan zane, telar ta ce a'a Hajiya, manya biyu faɗa suke yi a ido. Ta ɗauko mai ƙananan ɗige-ɗige ruwan goro ta kara a jiki, wallahi nan take abin ya zauna.

Sai rabo, kar a yi rabi da rabi. Turmi yadi shida ne, to babbar ta ci wajen yadi huɗu a doguwar rigar da ɗankwali, ƙaramar yadi ɗaya da rabi a hannu da ƙasan riga, in akwai ta uku iyakarta bakin wuya, ko a raba su da siririn yadi mara zane don ido ya huta. Mayafi kuwa mara ado, wannan ni ma ina kai.

Anti, telar tamu, ta ƙara da cewa a jiƙa ƙyallen kowacce daban tukuna, wata tana zuba, wata tana shiga ruwa, in nauyinsu bai zo ɗaya ba ɗinkin zai tattare. Kafin a sa almakashi a shimfiɗa su a hasken rana a ja baya taku biyar, in ido ya rasa inda zai tsaya a cire ɗaya.