Allurar kafaɗa ga mai ciwon suga

Maman Ilham, Tudun Wada, Gombe: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan kafaɗar Hajiyarmu ta dama ta ƙage, ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa, dare kuwa ba barci. Likita ya ce za a yi mata allurar sitirod, maganin rage kumburi, a cikin gaɓar, ana kallo ta na'urar sikanin. Tana da ciwon suga. Mu yarda?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ni ma na yi ta a kemis, a ɗuwawu, kwana biyu na warware.

Anti Nas, Bauchi: Baban Sadik, taka daban ce, kuma don Allah a daina karɓar irin wannan a kemis.

Maman Ilham, ƙagewar kafaɗa ta fi kama masu suga, kuma allurar ta fi amfani a wannan lokacin da zafi ke hana barci. Za a zaunar da Hajiya ko ta kwanta ta gefe, a goge fatar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗora kan na'urar a bayan kafaɗa. Likita na kallon bakin allurar har ya shiga cikin gaɓar, ba lalube yake ba. Yawanci sitirod ɗin tirayamsinolon ne miligiram 40 haɗe da lidoken mai kashe zafi. Za ta ji sauƙi nan take, amma kada ku yi saurin murna, lidoken ne, awa kaɗan zai sake ta. Zafin ma kan ƙaru kwana ɗaya ko biyu kafin ainihin maganin ya kama aiki.

Sugan shi ne abin lura. Zai hau na 'yan kwanaki, wani har ya wuce mako. A riƙa aunawa safe da yamma, a kuma tambayi likitan sugarta yadda za a yi da maganinta. In dama can sugan a sama yake, gara a ɗaga ranar. Idan kuma wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, ciwon na ƙaruwa bayan kwana biyu, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti a ranar. Ba kasafai ƙwayar cuta ke shiga gaɓa ba, amma in ta shiga ba a kwana da ita.

Malam Buba: An ce tana cinye ƙashi, kuma in ka fara sai kullum.

Anti Nas: Malam, yawan maimaitawa ne ke raunana jijiya da guringuntsi, shi ya sa ake ba da tazarar akalla wata 3. Sauƙinta na makonni ne, a cikinsu ake son Hajiya ta dage da zuwa sashen gashin ƙashi, don allura kaɗai ba ta buɗe kafaɗa.

Ummi: Ni inda aka soka mini fatar ta yi fari kamar faɗin kwabo, sai da ta kusa shekara ta koma. Barci dai na samu, amma har yau hannuna ba ya kai zif ɗin rigata ta baya.

Maman Ilham: Na gode, Anti. Yau da safe kafin ta karya 240 na'urar awon suga ta nuna. A hakan za a yi?

Anti Nas: Ya yi yawa. Ku kai wa likitan wannan awon kafin a sa rana.