Korola ta kamfani, mita ta tsaya a 299,999: a saya ko a bari?

Nura Samaru: Jama'a, an nuna mini Korola 2006 a Sabon Gari, wani kamfani ne ya yi gwanjonta. Mita na nuna kilomita 299,999, akwai fayil na takardun sabis, ana neman naira miliyan 5.2. Irinta ta gida mai tsabta kuma ana ba ni a miliyan 5.5. Dillalin ya ce motar kamfani mai takardu ta fi ta gida mai rabin wannan tafiyar. Gaskiya ne? Nawa zan taya?

Alhaji Bala: Gaskiya ya faɗa maka, Malam Nura. Na daɗe ina harkar motoci, ba tafiya ce ke kashe injin ba, rashin juye ne. Mai motar gida sai baƙin mai ya koma kamar kwalta zai tuna da gareji, kamfani kuwa lokaci na yi za a juye, don ba daga aljihun direba kuɗin ke fita ba. Kuma mitar wasu motocin gida an mayar da ita baya. Wannan aƙalla ba ta ɓoye maka komai ba.

Oga Sani Bakanike: Ranka ya daɗe Alhaji, a nan ne zan saɓa maka. Wannan mitar ta ɓoye abu, sai dai ba hannun mutum ne ya taɓa ta ba. Korola ta 2003 zuwa 2008 in ta kai 299,999 mitar ba ta ƙara motsi, haka aka ƙera ta. To wannan lambar ba ta ce maka motar ta yi dubu 300 ba, cewa ta yi ta wuce dubu 300, ranar da ta wuce ɗin ce ba mu sani ba. Nura, koma ka buɗe fayil ɗin. Nemo takardar farko da aka rubuta 299,999, ka gaya mana shekararta, sannan ka duba abin da aka rubuta shekara huɗu kafin nan.

Ɗan'asabe Kwangila: Kada ka soma! Mu da muke lodin Kaduna mun san abin da muke yi wa mota. Huɗu a baya, biyu a gaba, but cike da buhu har ba ya rufuwa sai da igiya. Motar da ta sha wannan ba ta da sauran ƙafa.

Nura Samaru: Malam Ɗan'asabe, ba ta haya ba ce, ta ofis ce. Lambarta mai shuɗin rubutu ce, ba ja ba.

Ɗan'asabe Kwangila: Lamba ai ana canzawa. Ɗaga robar bakin ƙofa da kafet ɗin but ka ga ko akwai wani fenti a ƙarƙashi. Ka kuma zauna a kujerar baya, in ka nutse ka san mutane sun yi zarya a kanta.

Nura Samaru: Na koma na duba. Fenti ɗaya ne, kujerar baya ma da ƙarfinta, ta direba ce ta lotsa. Oga Sani, a 2017 an rubuta dubu 180. Takardar farko mai 299,999 ta 2021 ce. Daga nan har 2024 lamba ɗaya ake ta maimaitawa.

Oga Sani Bakanike: Madalla, ga lissafi ya fito. Daga 2017 zuwa 2021 ta ci kilomita dubu 120, wato dubu 30 duk shekara. Kuma ya yi daidai da aikin ofis: Zariya zuwa Kaduna da dawowa wajen kilomita 160 ne, in ana yi sau huɗu a mako shekara za ta ba ka kusan hakan. Ƙara shekara uku bayan mita ta tsaya, dubu 90 ke nan. Motarka tana wajen dubu 390.

Wannan bai sa na ce ka gudu ba. Tafiyar babban titi ta fi sauƙi ga injin da giya a kan cunkoson PZ da Tudun Wada, inda ake tsayawa ana tashi. Abin da mita ba ta ƙirgawa shi ne zaman jira: direban ofis zai bar injin a kunne da esi awa biyu yana jiran oga, injin na ci, lamba ba ta motsi. Saboda haka injin ɗin za a tambaya. Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar kafin ka zo, ka taɓa bonet ka ji da sanyi. A tayar kana tsaye a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin tana shan baƙin mai, kuma injin wannan Korolar, 1ZZ-FE, in ya tsufa ta wajen ringi yake fara wannan halin. Sannan a kwance fulogi huɗun a sa gejin kwamfureshan. Kowace silinda kada ta gaza 145 psi, kuma tazarar babba da ƙarama kada ta wuce 15. In ɗaya ta faɗi, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a sake gwadawa: in ta tashi ringi ne, in ba ta tashi ba a nemi bawul ko gaskit.

Hajiya Rabi: Ni dai takardun nan ba su ƙara ruɗa ni. Mun sayi motar wata ma'aikata da fayil mai kauri, ko wata biyu ba a yi ba giya ta fara fizga. Da aka zauna aka karanta, baƙin mai da filta ne kawai ake ta rubutawa, man giya ba a taɓa canzawa ba. Wasu rasit ɗin ma biro ɗaya ne, hannu ɗaya, kamar rana ɗaya aka cike su.

Oga Sani Bakanike: Hajiya ta taɓo wurin. Fayil na gaskiya za ka ga shokazoba, bushin, famfon ruwa, birki, kowanne da ranarsa. Nura, zaro sandar man giya ka goga a farar takarda. Ja ko ja mai duhu ba laifi, baƙi mai ƙauri kuwa ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura.

Nura Samaru: An gwada yau. Silinda: 170, 165, 168, 160. Ba hayaƙi. Man giya ja mai duhu, ba ƙauri. Amma shokazoba huɗun sun mutu, boljoyin na ƙara, tayoyin kuma 2018 aka buga a jikinsu.

Oga Sani Bakanike: Injin na da rai, tazarar 10 ce kawai. Ga yadda zan yi ciniki. Ka ce irinta ta gida mai tsabta ana ba ka a miliyan 5.5, daga nan za mu fara. Aikin ƙafa a garejina zai ci wajen dubu 450, taya huɗu dubu 240. Saura miliyan 4.81. Sai ka cire wata dubu 400 ka ajiye, don injin da giyar da suka yi dubu 390 ba su da alkawari, kuma ranar da za ka sayar kowa zai ga wannan mitar ya taya ka da araha. Taya 4.2, ka tsaya a 4.4.

Alhaji Bala: Haba Sani, ka yanka sau biyu. Ita ta miliyan 5.5 ɗin sabbin tayoyi gare ta? Kai ta garejinka ka gani in ba za ka samo mata aikin dubu 300 ba. Kuma kai da bakinka ka ce injin na da rai, kuɗin fargabar na mene ne? In aka sallama a 4.8 an yi adalci. A 4.4 ba mai ba ka, ni ma zan riga ka ɗauka.

Oga Sani Bakanike: Maganar tayoyi na ba ka, Alhaji, a raba ta biyu. Dubu 400 ɗin kuwa ba na janyewa. Geji ya gaya mana lafiyar ringi, bai ce komai a kan giya ba.

Hajiya Rabi: Kuna ta kuɗi. Malam Nura, ka ga takardar da kamfanin ya rubuta cewa ya sayar, mai lambar shasi? Da ta kwastam? In sunan kamfani ne har yanzu a takardun mota, canjin mallaka zai ba ka wahala, kuma hannu nawa ta bi daga gwanjo zuwa dillali?

Nura Samaru: Ta kwastam na gani, lambar shasi ta yi daidai da ta jikin motar. Ta gwanjon ya ce tana hannun wanda ya fara saye a Kaduna, zai karɓo ranar Litinin. Na taya 4.3, ya ce ko 4.9 bai yi ba, ban da la'adarsa.