Gani ya kori ji, amma ganau ɗin fa?

Hajiya Binta: Ni dai na ce in mutum ya rantse da idonsa ya gani, kuma bai da wata riba a maganar, to shikenan gaskiya ce. Gani ya kori ji. Wa ke da ja?

Malam Sani: Hajiya ni ina da ja. A 1974 wasu masu bincike a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun motocin. Wasu aka ce musu "lokacin da suka bugi juna", wasu kuma aka ce "lokacin da suka ragargaji juna". Bayan sati ɗaya aka dawo da su aka ce kun ga fasasshen gilashi? Cikin mutum 50 da suka ji kalmar ragargaza 16 suka ce e sun gani, cikin 50 da suka ji bugu kuwa 7 kawai. Kuma babu gilashin da ya fashe a fim ɗin ko ɗaya. Kalma guda a bakin mai tambaya ita ta zuba musu gilashi a ka.

Auwal: To ai maƙaryata ne kenan Malam, mu ma muna da irinsu a bakin kotu, a ba su na goro su yi shaidar zur

Malam Sani: A'a Auwal, ba zur ba ne, abin da ya sa lamarin ke ban tsoro kenan. Mai zur ya san ƙarya yake. Waɗannan har zuciyarsu suna ganin gilashin, domin duk lokacin da ka tuno abu sake haɗa shi kake yi, abin da ka ji daga baya sai ya shige ciki ba ka san ta ƙofar da ya shigo ba.

Maman Ilham: Wallahi ya faru da ni. An ƙwace wa wata waya a gabana muna jiran adaidaita, ni dai wuƙar kawai nake kallo jikina na rawa, da mutane suka taru wani ya ce ai mai jar riga ne, kafin magariba ni ma ina ba da labari ina cewa jar riga har ina kwatanta hularsa. Washegari mai shagon gefen ya nuna mana kyamara, baƙar riga ce, kuma ko hula babu a kansa. Da an kamo wani yaro mai jar riga a ranar da na ce shi ne, kun san kuma yadda jama'a ke yi wa wanda aka kira ɓarawo.

Hajiya Binta: Ke ai a firgice kike 'yar uwa. Ni wanda ya tsaya ya kalli mutum da kyau nake nufi.

Malam Sani: Akwai wadda ta yi hakan Hajiya. Jennifer Thompson, 1984, a jihar North Carolina ta Amurka, wani ya shiga ɗakinta ya yi mata fyaɗe, ta daure ta riƙa nazarin fuskarsa da gangan don ta gane shi. 'Yan sanda suka jera mata hotuna, ta daɗe tana dubawa tana jinkiri kafin ta nuna Ronald Cotton. Suka yaba mata. Da aka jera mutane a gabanta ta sake nuna shi, aka ce mata ai shi ne na hoton. Kafin a je kotu ba sauran shakka a ranta. Ya yi sama da shekara 10 a kurkuku, sai a 1995 gwajin DNA ya nuna wani mai suna Bobby Poole ne ya aikata. Kuma an taɓa kawo Poole gabanta a kotu ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Fuskar Cotton ta riga ta maye gurbin ta ainihin.

Auwal: Innalillahi. To a daina karɓar shaida gaba ɗaya kenan?

Usman: Haba, ba a kai nan ba. Ni na ji an ce ƙarfin gwiwar shaida ba ya nuna komai, duba sauran hujjoji kawai za a yi.

Malam Sani: Rabi ka kama Usman. Yana nuna wani abu, amma na ranar farko. In a karon farko mutum ya nuna nan take ba jinkiri, ba wanda ya yi masa ishara, wanda ke nuna hotunan ma bai san wa ake zargi ba, kuma ba a bar shaidu sun zauna sun yi hira ba, wannan ana iya jingina da shi sosai. Na cikin kotu bayan wata shida, an maimaita labarin sau talatin, shi ne abin tsoro. Shi ya sa ake so a rubuta kalmominsa na farko yadda ya faɗe su, har da "ina jin kamar shi ne".

Hajiya Binta: Na ji na baƙon fuska. Amma in maƙwabcina ne na shekara ashirin na gani da rana tsaka, ba mai ce min ban gane shi ba.

Maman Ilham: Da rana tsaka kam. In da daddare ne ba wuta fa Hajiya, ta baya kika hango shi yana gudu?