Nauyi yabo ne, kaifi zagi?

Sale Mile 12: Jama'a, ku raba mu. Na kawo wa maigidana yaron shago, na ce yana da nauyin baki da kaifin basira, sai ya ce in mayar da shi. Ni a sanina nauyi a jikin mutum yabo ne, kaifi ne abin tsoro.

Hajiya Rabi Agege: Ɗana, rabin maganarka daidai ne. Wanda ake jin nauyinsa ya kai mutum. Amma a ce maka kana da nauyin jiki, ka yi godiya mu gani.

Malam Idi Idi-Araba: Hajiya ta taɓo wurin. Nauyi da kaifi ba su yanke hukunci su kaɗai, sai ka duba gaɓar da aka rataya su a kai. Kaifi a basira ko ƙwaƙwalwa yabo ne, domin can ana son a yanka matsala nan take. Ya koma harshe, mutane yake yanka, shi ya sa ba mai murnar a ce 'yarsa tana da kaifin harshe. Nauyi kuwa a jiki kasala ce. A baki ne yake da fuska biyu: in ana neman suruki, mai nauyin baki mutum ne da ba ya sakin zance, ana so. In ana neman mai sayar da tumatir, mutum ne da ciniki zai wuce shi bai ce uffan ba. Maigidanka kasuwa ya duba, Sale.

Bala Okada: Ni dai ba na ɗaukar mai nauyi a babur, taya take ci.

Hajiya Rabi Agege: Kai Bala, Allah Ya shirye ka. Ba kilo ake zance ba.

Ummi Obalende: Malam, ina ganin kaifin ne ya kori yaron. A Ikko in aka ce mutum shaf ne, wato mai kaifi da Turanci, ai cewa ake ka riƙe aljihunka. Mai shagon da ya shekara ashirin a nan, ya ji kaifi, wayo zai fassara.

Malam Idi Idi-Araba: Zai yiwu, 'yata, amma basira ta riga ta tsare kalmar. Abin da ya fi damuna haske ne. Yaranmu na nan sukan ce wance tana da haske, suna nufin ƙoƙari a aji. A Kano ko Katsina fatarta za a duba. Magana ake yi wa ƙarin haske, ɗalibi kuma haziƙi ne.

Ummi Obalende: To amma ai ana cewa Allah Ya haskaka zuciya, Malam.

Malam Idi Idi-Araba: Ana cewa. Zuciyar kika ambata, ba yarinyar ba.

Sale Mile 12: Ni dai ban sauka ba. Gobe zan tambayi Alhaji wanne ne bai yi masa ba.