Neman kalmar Hausa: me za mu kira furofozal ɗin da ake tura wa mai aiki a intanet?

Sani Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ina koya wa wasu yara a nan Aboabo yadda ake neman aiki a Upwork, dandalin intanet da masu aiki ke saka aiki a nema, yawanci fassara da rubuta sauti, kuma da Hausa muke karatun don sun fi sakewa. Amma akwai kalma ɗaya da ta tsaya min a wuya, wato furofozal, abin nan da kake rubuta wa mai aiki bayan ya saka aikinsa. In na ce takardar neman aiki sai yaran su zauna su rubuto min "ina roƙon arziki a taimaka a ɗauke ni", har da sunan makarantar da suka gama, kuma da irin wannan babu wanda zai samu mai aiki na farko. Sunan ne yake ɓatar da su. Ku taimaka min da wanda ya dace.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Sani ai mu a ƙungiyarmu ta mata a Nima takardar neman tallafi muke cewa, ka sa manufa, ka sa kasafin kuɗi, ka sa mutum nawa za su amfana, sai ka jira amsa wata uku ko huɗu.

Sani Aboabo: Hajiya wancan na ƙungiyoyi ne. Wannan gajere ne, wani lokaci bai kai kalma 150 ba, kuma ba tallafi kake nema ba, aiki za ka yi a biya ka.

Awudu Asawase: To a ce talla mana. Ai kanka kake tallatawa. Ni abin da na sani shi ne ka jera duk abin da ka iya, ka karya farashi ƙasa da na kowa tunda kai sabo ne, ka tura wa mutum talatin a rana, dole ɗaya ya faɗo.

Anti Zulai Madina: Awudu ƙanina rabin maganarka gaskiya ne. Talla ta dace da tsarin Fiverr, can kai ne kake kasa kayanka da farashi a jiki mai saye ya zo ya same ka. A Upwork kuwa mai aiki ne ya fara magana, ya ce ga matsalata, kai kuma amsa kake ba shi, shi ɗin nan, ba kowa da kowa ba. Sannan tura talatin a rana ba kyauta ba ne, kowace turawa tana cin Connects, wato tikitin turawa da ake saya a dandalin, ɗaya senti 15 ne, wani aikin sai ya ci goma sha wani abu, ka ga wajen dala biyu ke nan a kan takarda ɗaya da wataƙila ba za a ma buɗe ba.

Ni tayi nake cewa. Takardar tayi. Don abin da ke cikinta ke nan: ga abin da zan yi maka, ga ranar da zan kawo, ga kuɗina. Mai tayi ba roƙo yake ba.

Malam Idi Sabon Zango: Zulai akwai gyara kaɗan. A kasuwa mai saye ne ke tayi, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama. Nan kuma mai neman aikin shi ne mai kaya, to ya za a yi mai kaya ya taya? Kuma na ga yarona yana cewa in mai aiki ya yarda akwai abin da yake turowa mai suna Offer, wannan ai shi ne tayi na gaskiya. In kun ba na farko sunan, na biyun fa?

Anti Zulai Madina: Malam na ji wannan, amma ai muna cewa ya yi min tayin abinci, ya yi min tayin ɗaki, mai abu ne ya miƙa. Bari dai in nuna yadda abin yake a aikace sai ku duba ko sunan ya hau.

Wata yarinya da nake duba wa rubutu, ba ta da tauraron yabon masu aiki ko ɗaya a shafinta, ta ga aiki: wata mai bincike a jami'a tana da hirarraki na Hausa na awa 3, tana so a rubuta su sannan a fassara zuwa Turanci, dala 150 jinga. Kafin ta rubuta komai na ce ta duba gefen shafin tukuna. Akwai Payment method verified, wato an tantance hanyar biyanta? Akwai. Matar ta taɓa ɗaukar mutane ko sakawa kawai take yi ta tafi? Ta taɓa, kuma waɗanda suka yi mata aiki sun yabe ta. Mutum nawa suka riga suka tura? An nuna 5 to 10. Da 50+ ne da na ce ta bar shi, sabon shiga ba ya fitowa a cikin wannan taron.

Abin da yarinyar ta fara rubutawa shi ne gaisuwa, sunanta, cewa ita haifaffiyar Bahaushiya ce mai ƙwazo da riƙon amana. Matsalar ita ce mai aiki in ta buɗe jerin masu nema, layi biyu na farko kawai take gani a ƙarƙashin kowane suna, sai ta danna kafin ta ga sauran, to in layi biyun nan sun tafi a gaisuwa da yabon kai shi ke nan, don su ma sauran tara ɗin abin da suka rubuta ke nan. Muka goge. Da Turanci aka tura amma ga ma'anar abin da ya koma:

"Kin ce hirarrakin a kasuwa aka ɗauke su, to akwai hayaniya da mutane masu magana a kan juna. Zan raba kowane mai magana, in sa alamar lokaci duk minti ɗaya, inda kuma ban ji da kyau ba in sa alama maimakon in cika da zato."

Sai tambaya biyu kawai. Ta farko, a ina aka ɗauki sautin, Kano ko Nijar ko Gana, don Hausar zango tana gauraye da Tuwi da Turanci kuma ba ma bambanta namiji da mace a magana kamar Kanawa, wanda bai saba ba sai ya "gyara" wa mutane maganarsu ya ɓata mata bincike. Ta biyu, tana son haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ko a bar su haka. Wanda bai taɓa zama da irin aikin ba ba zai san ya yi waɗannan tambayoyin ba, su ne suka tsaya mata a matsayin taurarin da ba ta da su.

Ƙarshe sai maganar kuɗi. Yarinyar ta ce kada matar ta ba ta duka lokaci ɗaya, a fara da rabin awa a dala 25, ta kawo cikin kwana 2, in ya yi mata a ci gaba da sauran. Tsoron mai aiki da sabon mutum shi ne ya karɓa ya ɓace ko ya kawo shirme ana gobe za ta miƙa, to ka rage mata abin da za ta yi asara in kai ɗin ba ka iya ba. Matar ta amsa tambayoyin, ashe a Tamale aka ɗauka, ta saka dala 25 ɗin.

Yanzu Malam Idi ka duba, a duk wannan ina neman aiki? Tayi ne aka miƙa.

Awudu Asawase: Amma Anti da ta ce za ta yi rabin awan kyauta ai da ya fi saurin kama matar.

Anti Zulai Madina: A'a. Dokar Upwork ma ta hana mai aiki neman aikin kyauta, kuma aikin da ba a biya ba babu tauraro a kansa, alhali tauraron take nema. In samfuri ake so ta ɗauki muryar mutum biyu suna hira na minti biyu a waya da izininsu, ta rubuta, ta fassara, ta liƙa a takardar. Batun karya farashi kuma yi lissafi: awa ɗaya ta sauti mai hayaniya tana cin kamar awa 5 a rubutawa, awa 3 ya zama 15, fassara ta ci kusan wani 15 ɗin, awa 30 ke nan. In sun cire kashi 10 cikin ɗari, kuma yanzu kason yana canzawa daga aiki zuwa aiki sai ka duba abin da aka nuna maka kafin ka tura, saura dala 135, wato dala huɗu da rabi a awa, ba a cire kuɗin data da na fitarwa ta Payoneer ba. Wannan ne kuma za ka ce ka yi a dala 60? Mai aiki mai hankali in ta ga 60 sai ta ɗauka ba ka san girman aikin ba.

Fati Mamobi: Ni dai ina da tambaya ko da ba ta suna ba ce. Wani ya amsa min takardata jiya, ya ce rubutuna ya burge shi amma in same shi a Telegram mu ƙarasa, zai ba ni shafi 40 in fassara ya biya ta momo. Na riga na yi shafi 6. In ci gaba?

Sani Aboabo: Fati tsaya nan, kar ki ƙara ko layi ɗaya. Kafin a ƙulla kwangila ba a yarda a fita da magana waje ba, ke ma za a iya rufe miki shafi a kan haka. A aikin jinga ba ki fara ba sai kin ga an rubuta cewa kuɗin wannan kashin na aikin yana ajiye a hannun dandalin. Wanda ya ce a koma Telegram yawanci ƙarshensa ya ce ki tura kuɗin rajista ko kuɗin buɗe asusu. Kada ki tura masa shafi shidan, ki kai ƙararsa ta wajen da aka tanada a jikin saƙon.

Malam Idi Sabon Zango: Allah ya kiyaye 'yata. Zulai na ga misalinki kuma na yarda ba roƙo ba ne. Amma har yanzu kunnena tayi na mai kuɗi ne. Dattawanmu masu gini in za a ba da aiki cewa suke a kawo tanda, kowa ya rubuta abin da zai yi da kuɗinsa a zaɓi ɗaya. Wannan bai fi kusa ba?

Hajiya Rabi: Malam in ka ce wa yaran Nima su kawo tanda, ta waina za su ɗauko maka.

Sani Aboabo: Kuma tanda farashi take sa wa gaba, mai arha ya ci, shi ne ainihin abin da nake so in cire wa su Awudu daga kai. Ni zan gwada takardar tayi ranar Asabar, in ce musu layi biyun farko su ne bakin tayi, kada sunansu ya fito a ciki sai matsalar mai aiki. Abin da mai aiki ke turowa kuma zan ce sallamawa, tunda ya yarda da ciniki.

Malam Idi Sabon Zango: Nan ma mai kaya ne ke sallamawa ba mai saye ba, kun sake juya shi. Ku ce amincewa in dai sai kun sa masa suna.

Anti Zulai Madina: Amincewa ma ba ta cika ba Malam, don bayan ya turo sai kai ma ka danna ka karɓa kafin kwangila ta fara, kuma wani lokaci kuɗin da ke ciki ba shi ne wanda ka taya ba, dole ka karanta. Sani ka tambayi yaran ranar Asabar ka ji su me suke kiransa a tsakaninsu.