Neman shawara a kan aikina na malanta bayan hatsari

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makaranta mai zaman kanta a Sabon Gari, Zariya. Bayan hatsarin mota na koma tafiya a keken guragu, ajina kuma yana saman bene. Na roƙi a sauko da shi ƙasa, a gina ɗan gangare a bakin ƙofa, amma mai makarantar ya ce sai dai in koma ofis da rabin albashi. Na san dokar hana wariya ga nakasassu ta 2018 ta bai wa gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Masana shari'a, don Allah, shin ta shafi makarantun kuɗi, kuma zan iya ƙin wannan tayin ba tare da na rasa aikina ba?