Daga Kwano Zuwa Buhun Fulawa: Abin da Masu Gasa Burodi Suka Ce

Tambayar da masu gasa burodi suka tattauna ita ce: me ya sa burodin da ya yi kyau da fulawa kilo 1 yake lalacewa idan aka kwaɓa kilo 25? Kusan kowa ya ce a ajiye kofi da cokali, a koma sikeli. Kofin fulawa yau daban, gobe daban, kuma ƙaramin kuskuren da ba a gani a kwano ɗaya yakan ninka sau 25.

An ba da shawarar a ɗauki fulawa a matsayin kashi 100, a auna komai da ita. Idan ruwa kashi 60 ne, gishiri kashi 2, to fulawa kilo 25 za ta ci ruwa kilo 15 da gishiri giram 500. Wannan lissafi ba ya canzawa.

Inda aka fi daɗewa shi ne zafi, kuma a ganina nan ne asarar take. Babban ƙulli yana riƙe ɗumi, injin kwaɓi yana ƙara masa, sai ya tashi da wuri. Alamarsa warin tsami da ƙullin da ke lotsawa ya ƙi dawowa idan an danna shi da yatsa. Maganin da suka bayar: ruwan sanyi, a ɗan rage yis, a riƙa auna zafin ƙullin bayan kwaɓi.

Wata mai gasa burodi ta ƙara da cewa kada a kwaɓa fiye da abin da tanda za ta ɗauka, domin ƙullin da ke jiran layi yakan wuce lokacinsa.